Yadda Ake Tace Kundin Shari'a Mai Shafi Ɗari Shida Ya Koma Jadawali

Idan aka ɗaukaka ƙara a kan rikicin fili, magatakardan kotun ƙasa yakan tattara duk abin da ya gudana ya ɗinke wuri guda: takardar shigar da ƙara, shaidar da aka ji, rasidai, yarjejeniyar ciniki, jawaban lauyoyi da hukuncin alƙali. Ba abin mamaki ba ne kundin ya kai shafi ɗari shida. Dokokin Kotun Ɗaukaka Ƙara sun ba lauyan mai ɗaukaka ƙara kwana 45 daga ranar da kundin ya iso hannunsa ya shigar da rubutaccen jawabinsa, kuma duk maganar da zai kafa sai ya nuna shafin da take. To a ina mai sayen ya ce ya biya kason farko? Shafi nawa aka ambaci mai unguwa? Mai neman amsa ta hanyar buɗe shafi ɗaya bayan ɗaya zai ƙarar da kwanakinsa a bincike.

Shi ya sa wasu ofisoshin lauyoyi suke zaunar da ƙaramin lauya ko akawu ya tsamo abubuwa huɗu daga kundin, wato sunaye, kuɗaɗe, ranaku da hujjojin doka da aka kafa, ya zuba su a jadawalin Excel ko Google Sheets. Masu binciken kuɗi da 'yan jarida ma haka suke yi da rahotannin gwamnati. Amfanin jadawalin gaba ɗaya ya rataya ne a kan ko zai iya mayar da kai takarda. Alƙali ba zai karɓi layin Excel a matsayin shaida ba, shafin kundi zai tambaya.

Matakin farko shi ne mayar da takarda rubutun da kwamfuta za ta iya karantawa. Ana ɗaukar hoton kowane shafi da na'urar sikana, a ƙarfin 300 dpi, domin ƙasa da haka ƙananan haruffa sukan dushe. Daga nan sai a bi ta kan hotunan da manhajar gane haruffa, wadda ake kira OCR. Akwai ta kyauta, kuma umarni biyu sun isa a fara:

```
ocrmypdf --deskew kundi.pdf kundi_ocr.pdf
pdfgrep -n "NWLR" kundi_ocr.pdf
```

Na farkon yana miƙe shafin da ya karkace ya kuma saka rubutu a ƙarƙashin hoton. Na biyun yana fito da duk layin da ke ɗauke da NWLR, jerin littattafan hukunce-hukunce da Gani Fawehinmi ya fara bugawa a 1985, tare da lambar shafi. Sai dai a kula, lambar da kwamfuta take bayarwa ta fayil ce, ba wadda magatakarda ya buga a kan takarda ba. Idan akwai bango da fihirisa masu shafi takwas a gaba, shafi na 120 a fayil shi ne na 112 a kundi, kuma na kundin kotu ta sani. Haka kuma manhajar ba ta iya komai da rubutun hannun alƙali, ko tsohuwar takardar ciniki da aka rubuta da ajami, ko kwafin da aka yi wa kwafi sau uku har ya yi baƙi. Waɗannan sai an ware su, mutum ya karanta ya buga da hannu.

Tsarin jadawalin shi ne inda aka fi yin kuskure. Mutum yakan so ya ba kowane mutum layi ɗaya, ko kowane biya layi ɗaya. Abin da ya fi shi ne kowane ambato ya samu layinsa. Idan an ambaci biya guda a wuri shida, layi shida ke nan. Kowane layi a raba shi gida-gida: lambar shafi, irin takardar, wanda ya faɗa, abin kamar yadda aka rubuta shi harafi da harafi, sannan gidan da aka daidaita shi domin bincike. Waɗannan gidaje biyu na ƙarshe su ne ƙashin bayan aikin. Gidan asali ba a taɓa shi ko da kuskure ne ƙuru-ƙuru. Duk gyara a gidan daidaitawa ake yin sa.

Mu ɗauki misali. A ce mai ƙara yana iƙirarin ya sayi fili a kan Naira dubu ɗari tara, ya biya kashi biyu. A shafi na 41 akwai rasidi mai ₦450,000. A shafi na 188 shaida na biyu ya ce an ƙirga dubu ɗari huɗu da hamsin a gabansa. A shafi na 305 lauya ya rubuta N450,000.00, a shafi na 512 alƙali ya maimaita. Wanda ya tara gidan kuɗi kai tsaye zai samu miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, alhali biya ɗaya ne ake ta nanatawa. Maganin shi ne a ƙara gida mai lambar al'amari: duk layukan nan huɗu a sa musu B1, na kaso na biyu a sa musu B2. Da an tace jadawali a kan B2 sai layukansa su jeru, kuma a nan ake ganin abin da ido ya tsallake. Rasidi ya ce ₦450,000, amma mai sayarwa, da ake yi masa tambayoyin ƙwaƙƙwafi a shafi na 233, ya ce dubu ɗari huɗu ya karɓa. Dubu hamsin ɗin nan na iya zama abin da shari'ar za ta juya a kansa. Da mai bugawa ya ga kamar kuskure ne ya gyara shi ya dace da rasidi, da saɓanin ya ɓace ba wanda ya sani.

Manhajar gane haruffa tana da nata ɓarnar a kan kuɗi. Alamar ₦ takan koma N ko W ko #, sifili ya koma harafin O, ɗaya ya koma l. Adadin da ke da harafi a ciki Excel ba ya ɗaukar sa lamba, yakan tsallake shi wajen tarawa ba tare da ya ce uffan ba. Gwajin mai sauƙi ne: a gefen gidan a rubuta `=ISNUMBER(F2)`, a ja shi har ƙasa, duk inda ya nuna FALSE a koma takarda. Tsofaffin takardu kuma suna buƙatar gidan nau'in kuɗi, domin kafin 1 ga Janairu 1973 da fam da sule ake ciniki, kuma da aka yi canji fam ɗaya ya zama Naira biyu. Dattijon da ya ce ya sayi gona jaka uku, Naira ɗari shida yake nufi a lissafin Nijeriya, amma idan a Maraɗi aka yi cinikin, jaka sefa dubu ce.

Sunaye sun fi kuɗi wahala, don babu dabarar lissafi da za ta warware su. Mutum ɗaya zai fito a matsayin Abubakar a takardar ƙara, Garba a bakin maƙwabcinsa, Habu a bakin yayansa, Alhaji kawai a bakin yaronsa. Muhammad, Mohammed, Moh'd da Mamman duk suna iya zama mutum ɗaya, suna kuma iya zama huɗu. Haruffa masu lanƙwasa ma matsala ne: wanda ya nemi Ɗanladi ba zai samu Danladi ba. Don haka ake buɗe ƙaramin jadawali na biyu, a ba kowane mutum lamba, a jera duk sunayen da aka kira shi da su. A ganina ƙa'ida ɗaya ce ba a sassauta ta a nan: ba a haɗe sunaye biyu sai akwai shafin da ya nuna mutum ɗaya ne, kuma a rubuta lambar shafin. A shari'ar gado, inda jika ke ɗauke da sunan kaka, haɗewa bisa zato na iya sa mamaci ya sa hannu a takarda shekara goma bayan rasuwarsa.

Ranaku kuwa Excel ne da kansa yake lalata su. Idan kwamfutar tana kan tsarin Amurka, ka buga 03/04/2019 kana nufin 3 ga Afrilu, zai ajiye ta a matsayin 4 ga Maris. Ka buga 25/04/2019, ya bar ta rubutu zalla tunda babu wata na 25. Alamar ita ce wasu ranaku sun jingina dama wasu hagu a gida ɗaya. A gidan daidaitawa a fara da shekara, 2019-04-03, shi ke nan. Takardun kotun shari'ar Musulunci sukan zo da ranar Hijira, kuma juya ta zuwa Miladiyya na iya saɓawa da kwana ɗaya ko biyu saboda ganin wata, don haka a nuna cewa kintace ne. Shaidan da ya ce «shekarar da aka canja kuɗi» a bar maganarsa yadda take, domin an yi canji a 1973, an yi a 1984, an kuma sake fasalin manyan takardu a 2022.

Hujjojin doka su ne suka fi sauƙin kamawa, tunda suna da siffa sananniya. A rikicin fili da wuya a rasa Idundun v. Okumagba (1976) 9-10 SC 227, hukuncin Kotun Ƙoli da ya jera hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar ƙasa. A mayar da gidajen nan na rubutu tun kafin a fara bugawa, domin Excel yakan ɗauki 9-10 a matsayin rana, (1976) kuma ya mayar da ita -1976. A ƙara gida biyu: wa ya kafa hujjar, kuma kotu ta bi ta ko ta ce ba ta dace da wannan shari'a ba. Sashen doka kuma sai da shekarar dokar. Ƙa'idar da ta ce wanda ya ɓoye shaida ana ɗauka da ya kawo ta da ta kayar da shi, sashe na 149(d) ce a tsohuwar Dokar Shaida, ta koma 167(d) a ta 2011. Idan shari'ar daga kotun Musulunci ta taso, Tuhfa da Mukhtasar da Risala ake kafawa, kuma lambar shafi takan bambanta daga bugu zuwa bugu, don haka a rubuta babi.

Saura sanin ko aikin ya yi. Duba layukan da ke cikin jadawali yana nuna kuskuren abin da aka shigar ne kawai, ba ya nuna abin da aka bari a baya. Sai a juya gwajin: wani dabam, ba wanda ya yi aikin ba, ya zaɓi shafi ashirin barkatai, ya karanta su a takarda, ya ja layi ƙarƙashin kowane suna, kuɗi, rana da hujja, sannan ya neme su a jadawali. Idan ya ja layi tamanin ya samu saba'in da biyu, to kusan kashi ɗaya cikin goma ya zube, kuma a kundin duka haka ake sa ran abin yake. Sai a duba inda takwas ɗin suka fito. Galibi wuri ɗaya suke taruwa, a ƙasan shafi, ko ƙarƙashin hatimi, ko a rasidan da aka ɗauka a karkace, kuma irin waɗannan shafuka ake sake bi da hannu tun daga farkon kundi har ƙarshensa.