Dokin da Ba Ya Taka Gida Sau Biyu

Allon wasan ches, wanda Larabawa ke kira shaɗaranj, gidaje 64 ne: layi takwas a tsaye, takwas a kwance, baƙi da fari a jere. A cikin 'ya'yan wasan, doki ne kaɗai ba ya tafiya a miƙe. Yakan tsallake gida biyu ya karkata ɗaya, dama ko hagu, ko da akwai wani abu a gabansa. Daga wannan tsalle aka samo wata tsohuwar wasa ƙwaƙwalwa: a kwashe komai daga allo a bar doki shi kaɗai, a sa shi ya taka kowane gida sau ɗaya tak, ba tsallakewa, ba maimaici.

Tambayar ta daɗe. Al-Adli, gwanin shaɗaranj na Bagadaza a ƙarni na 9, ana jingina masa irin wannan zagaye, kuma shahararren masanin lissafi Leonhard Euler ya yi nazari a kanta a 1759. Hanyoyin warware ta ba su da kaɗan. Idan aka ƙirga zagayen da ke ƙarewa a gidan da doki zai iya tsallakawa ya koma mafarinsa kawai, sun haura tiriliyan 13. Duk da wannan yawa, wanda ya ɗauki takarda da fensir ya kama tsalle yadda ya ga dama, da wuya ya kai ƙarshe. Zai ga doki ya maƙale, ga gidaje can a gefe ba hanyar zuwa gare su.

Dalilin maƙalewar shi ne gidajen ba daidai suke ba. Dokin da ke tsakiyar allo yana da wurare takwas da zai iya faɗawa, kuma gidaje 16 ne ke da wannan wadata. Wanda ke gefe yana da huɗu ko uku. Na kusurwa kuwa biyu ne kacal, ɗaya ta shiga, ɗaya ta fita. Kowane tsalle da doki ya yi, yana toshe wa maƙwabtan gidan da ya taka ƙofa ɗaya. Gidan tsakiya ya rasa ƙofa uku bai ji komai ba, amma kusurwa tana rasa ɗaya ta shiga uku.

A 1823 wani Bajamushe mai suna H. C. von Warnsdorff ya wallafa ɗan littafi da ƙa'ida guda: kafin kowane tsalle, duba duk gidajen da za ka iya faɗawa, ka ƙirga mafitar da ta rage wa kowannensu, ban da gidajen da aka riga aka taka, sannan ka tafi wanda mafitarsa ta fi ƙaranci. Da jin farko abin ya saɓa wa hankali, domin mai gudun maƙalewa ai fili zai nema. Amma mai sharar ɗaki ta san daga lungu ake farowa, a bar tsakar ɗaki sai daga baya. Gidan da ƙofofinsa ke ƙarewa shi ke bukatar a hanzarta masa, mai ƙofa da yawa zai iya jira.

Mu gwada. 'Yan ches suna kiran layukan tsaye da haruffa daga a zuwa h, na kwance kuma da lambobi daga 1 zuwa 8, saboda haka a1 ita ce kusurwar hagu ta ƙasa. A ɗora doki a nan. Zaɓinsa biyu ne, b3 da c2, kowanne da sauran mafita biyar, sai mu ɗauki c2. Daga c2 ana iya zuwa d4 ko e3 masu mafita bakwai-bakwai, ko b4 mai biyar, ko a3 da e1 masu uku-uku. Mu ɗauki e1. Daga nan ba gardama: d3 da f3 suna da bakwai-bakwai, g2 yana da uku, sai g2. Daga g2 ƙa'ida ta kai mu h4 mai uku, daga h4 kuma g6 mai biyar, tunda f3 yana da shida, f5 yana da bakwai. Mai karatu zai lura dokin yana ta bin gefen allo, alhali ba wanda ya ce masa ya bi gefe. Ƙirgar ce ta jawo haka.

A g6 ne amfanin ƙa'idar ke fitowa fili. Kusurwar h8 tana kusa, kuma ƙofofinta biyu ne, g6 da f7. Tunda doki yana tsaye a kan ɗaya, saura ɗaya, don haka ƙa'ida ta ce a shiga yanzu, a fita ta f7. Da a ce mun yi kwaɗayin e5 da ke tsakiya, h8 ta zama rijiya ke nan: ta f7 kaɗai za a shige ta, in an shiga kuwa ba fita, dole ita ce za ta zama gida na 64. Wannan ma ita ce alamar da mai wasa zai riƙa dubawa. Duk gidan da ba a taka ba, dokin bai kai gare shi da tsalle ɗaya, kuma maƙwabci ɗaya ya rage masa, to nan ne ƙarshen tafiya. In irinsa sun zama biyu, zagayen ya lalace tun kafin doki ya tsaya, domin tafiya ɗaya ba ta da ƙarshe biyu. Gara a goge a koma baya tun a lokacin.

Ƙa'idar tana da rauni, kuma mun ci karo da shi har sau biyu a tsalle biyu na farko: ba ta faɗi abin da za a yi in gidaje biyu suka yi kunnen doki ba. A allo mai gida 64, zaɓen kowanne yakan kai ga nasara mafi yawan lokuta, amma wani sa'in yakan kai ga maƙalewa, kuma matsalar tana ƙaruwa idan allon ya yi girma ƙwarai. A 1967 Ira Pohl ya ba da shawarar a ƙara leƙa gaba da taki ɗaya, wato a sake auna gidajen da suka yi kunnen dokin da irin wannan ƙirga a kan maƙwabtansu. Wata dabarar kuma ita ce a zaɓi wanda ya fi nisa da tsakiyar allo. Har ila yau, ƙa'idar ba ta yi alkawarin doki zai ƙare kusa da inda ya faro ba.

Akwai kuma inda laifin ba na ƙa'ida ba ne. Doki yana sauya launi a kowane tsalle, daga baƙi zuwa fari, daga fari zuwa baƙi. A ƙaramin allo mai layi biyar-biyar, gidaje 25 ne: 13 masu launin kusurwa, 12 masu ɗaya launin. Tafiyar da ke karɓa-karɓa tsakanin launi biyu har gida 25 dole ta fara kuma ta ƙare a launin da ya fi yawa. Wanda ya faro daga b1 a wannan allo, ko ya kwana yana ƙirga ba zai gama ba. Allo mai layi huɗu-huɗu kuwa ba shi da zagaye ko ɗaya.

A ganina ƙimar dabarar Warnsdorff ita ce ba ta bukatar hadda ko hangen nesa, ƙirgar da ba ta wuce takwas ba ta wadatar. Mai son gwadawa ya zana gidaje 64 a takarda, ya rubuta 1 a a1, 2 a c2, 3 a e1, 4 a g2, 5 a h4, 6 a g6, 7 a h8, 8 a f7, sannan ya ci gaba da kansa. Ya yi amfani da fensir, kuma kada ya manta da cire gidajen da ya riga ya taka daga ƙirga, domin nan ne masu koyo suka fi yin tuntuɓe.