Kemis ko Famasi? Yadda Ake Rubuta Bayanin Shagon Magani a Taswira

Idan zazzaɓi ya rufe yaro da tsakar dare, uba ba ya da lokacin zagaya unguwa yana ƙwanƙwasa ƙofofi. A Kano da Kaduna mutane da dama yanzu waya suke ɗauka, su duba Google Maps, su nufi shagon da ya nuna yana buɗe. Abin da suke gani mai shago ne ya cika shi a Google Business Profile, kuma kowane layi a ciki alkawari ne ga mara lafiya.

Rukuni shi ne wurin da aka fi tafka kuskure, domin a bakin jama'a duk mai sayar da magani kemis ne. A doka kuwa iri biyu ne. Hukumar PCN, mai kula da harkar harhaɗa magunguna a Najeriya a ƙarƙashin dokar 2022, tana yi wa famasi rajista ne idan akwai ƙwararren masanin magunguna da ke kula da shi, kuma shi ke da izinin ba da maganin da likita ya rubuta. Ƙaramin kemis lasisinsa daban ne, iyakarsa magungunan da aka yarje a sayar ba tare da takardar likita ba. Saboda haka famasi mai rajista ne ya dace ya zaɓi Pharmacy a matsayin babban rukuni, kemis kuma Drug store ya fi kusa da gaskiyarsa. Babban rukuni ɗaya ake zaɓa, ana iya ƙara ƙanana har 9, amma ba dole a cike su ba. Wanda ke sayar da keken guragu da na'urar awon jini zai iya ƙara Medical supply store. Wanda ke gwajin suga kawai, kada ya kira kansa asibiti ko ɗakin gwaje-gwaje.

Sai bayanin shago, wanda ba ya wuce harafi 750, kuma farkonsa aka fi karantawa. Ba a sa adireshin intanet ko tallan rangwame a ciki. Mu ɗauki misalin famasi a Hotoro, mai ma'aikata 3 da firij mai aiki da sola. Ga yadda zai rubuta:

"Famasi ne mai rajistar PCN a Hotoro, daura da masallacin Juma'a. Masanin magunguna yana nan daga ƙarfe 9 na safe zuwa 6 na yamma, kuma a lokacin ne muke ba da maganin da likita ya rubuta. Muna da magungunan hawan jini, ciwon suga da asma, muna ajiye insulin a firij mai sola. Akwai ma'aikaciya mace domin mata masu son shawara a keɓe. Muna jin Hausa da Turanci."

Babu jimla ɗaya a nan da ba ta amsa wata tambaya ba. Ambaton sola ba ado ba ne: insulin yana buƙatar sanyin da ke tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma mai ciwon suga ya san halin wutar lantarki a garinsa. Kwatance da masallaci ya fi lambar gida amfani a unguwannin da ba a rubuta sunan layi. Sunan shago kuma a bar shi yadda yake a allon ƙofa, don cusa masa kalmomi irin su "mafi araha" na iya sa a dakatar da shafin gaba ɗaya.

Jerin ayyuka ma'auninsa ɗaya ne: idan mutum ya zo yau, zai samu? Famasin Hotoro zai lissafa awon hawan jini, gwajin suga, gwajin maleriya na gaggawa, da kai magani gida, tare da faɗin unguwannin da ɗan saƙo ke kaiwa. Idan mutum ɗaya ne ya iya gwajin maleriya, a rubuta lokacin da yake nan. Kada a lissafa magungunan da hukuma ke sa wa ido, irin su taramol, domin masu neman maye ne za su amsa wannan kira. Kada kuma a ce ana warkar da ciwon suga ko hawan jini. Kula da su ake yi.

Lokutan aiki su ma suna buƙatar gaskiya. Ana iya raba rana gida biyu, don haka a nuna rufewar sallar Juma'a, a gyara lokacin azumi, a saka na ranakun Sallah tun da wuri. Wanda ya rubuta awa 24 alhali yana kulle ƙofa ƙarfe 10 na dare, ya ɓata wa mai jinya lokacin da zai kai shi asibiti.

Mai shago zai gane akwai gyara daga bakin masu zuwa. Idan ana yawan tambayar abin da ba ya yi, ko ana cewa "na zo na tarar a rufe", bayaninsa ya yi alkawarin da ya fi ƙarfinsa. Duk wata ya buɗe shafin, ya goge aikin da ya daina, ya tabbatar lambar wayar da ke ciki akwai mai ɗauka.