Ga ɗalibi mai aiki: Ka raba lokacin bita bisa makin da ke kuɓuce maka

Idan kana tsaron shago a Agege ko Sabon Ibadan daga tashi makaranta har magariba, ga WAEC ta ƙarato, lokacin bitarka bai kai na abokanka ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba kowane darasi awa ɗaya daidai wa daida, ko mutum ya yi ta maimaita abin da ya riga ya iya domin ya fi daɗin karantawa.

Mu ɗauki Turanci. A WAEC insha'i yana da maki 50, tambayoyin canki-canka 40, taƙaitawa 30, gwajin furuci 30, auna fahimta 20. Ka samo tambayoyin wata shekara da ta wuce, ka amsa da agogo a gabanka, sannan ka ƙirga makin da ka rasa a kowane sashe. Insha'i da taƙaitawa kam ka kai wa malami ya duba, don ba mai tsananta wa rubutun kansa.

A ce ka rasa 20 a insha'i, 20 a taƙaitawa, 8 a canki-canka, 6 a fahimta, 6 a furuci. Jimla 60. Idan awa biyar za ka iya ware wa Turanci a mako, wato minti 300, kowane maki ya tashi da minti biyar. Ke nan insha'i minti 100, taƙaitawa 100, canki-canka 40, sauran biyun 30 kowanne. Ka lura, taƙaitawa ta kamo insha'i duk da makinta bai kai nasa ba, saboda nan ne rauninka ya fi yawa.

Sai zancen inda za ka ajiye mintocin, domin ba duk lokaci ne ɗaya ba. Insha'i da taƙaitawa suna son natsuwa, ka sa su bayan sallar asuba, minti 50 sau huɗu a mako. Canki-canka da furuci kuwa ana iya yin su guntu-guntu a shago idan ciniki ya lafa. Auna fahimta ka bar ta ga ranar da ba ka fita aiki.

Kada ka cike giɓi da barcinka. Matashi yana buƙatar awa takwas zuwa goma, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da ta koya. Idan kana karanta layi ɗaya sau uku, ko kana kuskuren canji a shago, jadawalin ya yi maka nauyi, ka rage. Ka kuma bar yamma ɗaya babu komai, saboda ranar da maigida zai riƙe ka sauke kaya.

Bayan mako biyu ka amsa tambayoyin wata shekarar, ka sake lissafi. Idan asarar taƙaitawa ta sauko daga 20 zuwa 10, ka kwashe rarar mintocinta ka kai sashen da bai motsa ba.