Ciwo bakwai a jiki ɗaya: Yadda likita ke zaɓar wanda zai fara da shi

Duk wanda ya taɓa raka tsoho asibiti a cikin birnin Kano ya san irin ledar. A cikinta akwai katin Asibitin Murtala da ke kusa da Ƙofar Mata, da takardun gwajin jini da suka fara kodewa, da wani katin na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da kwalayen magani waɗanda aka sayo a kemis ɗin unguwa. Tarihin shekara goma ko fiye ke nan, kuma likitan da zai duba shi yana da layin mutane a bakin ƙofa.

Mai ciwon da ya daɗe ba ya zuwa da matsala ɗaya. Kuma sau da yawa abin da ya fi damunsa ba shi ne abin da ya fi barazana ga ransa ba. Saboda haka likitoci ke da wata hanya ta tace wannan tarin takardu zuwa shafi guda: jerin matsalolin majiyyaci, kowace da lambarta, wadda ta fi gaggawa a sama.

Wani likita ɗan Amurka, Lawrence Weed, shi ya yi fice wajen kafa wannan tsari, musamman bayan maƙalar da ya wallafa a mujallar New England Journal of Medicine a 1968. Ƙorafinsa shi ne fayil ɗin asibiti yana tafiya ne bisa kwanan wata, ziyara bayan ziyara, ta yadda babu inda mutum zai duba ya ga duk abin da ke damun majiyyaci a wuri ɗaya. Sai ya ce a ɗora jerin matsalolin a shafin farko, duk wani rubutu da zai biyo baya a danganta shi da lambar matsalar da yake magana a kai.

Ledar Hajiya

A ɗauki misalin wata dattijuwa mai shekara 62 daga ɗaya daga cikin lungunan cikin gari, a kira ta Hajiya. Misali ne, amma irinta ba baƙuwa ba ce a ɗakin ganin likita. Tana da ciwon suga shekara 14, da hawan jini shekara 10. Abin da ya kawo ta yau ciwon gwiwa ne, wanda ya hana ta sallah a tsaye.

Aikin farko shi ne a tattaro komai ba tare da an yanke hukunci ba. Likita ya zazzage ledar, ya ga metfomin da gilibenkilamid na suga, da lisinofiril na hawan jini. Sai kuma wasu fakitoci na diklofenak waɗanda ba su cikin kowace takardar asibiti. Jikanta ne ke sayo mata a kemis, kusan wata huɗu tana sha safe da dare saboda gwiwar. Shi ya sa ake so a zo da kwalayen kansu, domin takarda tana nuna abin da aka rubuta ne kawai, leda kuwa tana nuna abin da ake sha.

Da aka ci gaba da tambaya, ’yarta ta ce sau biyu a makon nan Hajiya ta tashi da asuba tana gumi da rawar jiki, tana magana ba kan gado, sai da aka ba ta shayi mai suga ta dawo daidai. A gida an ɗauka gajiya ce. Da aka cire mata safa, sai ga gyambo a ƙarƙashin babban ɗan yatsan ƙafa, gefensa ya yi ja yana fitar da ruwa. Ba ta ambace shi ba domin ba ya yi mata zafi. A wani tsohon kati kuma, cikin rubutun da da ƙyar ake karantawa, an nuna cewa allurar fenisilin ta taɓa sa ta kumburin fuska da ƙuraje.

Awon jininta ya nuna 170/100. Gwajin jini na ranar ya nuna sinadarin fotasiyam 6.2, alhali ana so ya tsaya tsakanin 3.5 da 5.0. Kiriyatinin, dattin da ƙoda ke tacewa, ya kai 190.

A rubuta abin da aka tabbatar

A nan ne ƙa’idar Weed ta biyu ke shigowa, kuma ita aka fi karyawa. Ana rubuta matsala ne iya matakin da aka fahimce ta. Idan abin da aka sani shi ne ciwon ciki, a rubuta ciwon ciki, kada a rubuta olsa. A Kano kalmomin olsa da taifot suna manne wa mutum shekara da shekaru: wani ya rubuta su bisa zato, na bayansa ya kwafa, daga nan kowa ya daina neman ainihin abin da ke faruwa.

Haka batun ƙodar Hajiya. Lamba ɗaya ba ta isa a ce ciwon ƙoda mai daɗewa ba ne, sai an ga raunin ya wuce wata uku. Tsofaffin takardun nan da suka kode su suka warware: shekara biyu da suka wuce kiriyatinin ɗinta 110 ne, wata bakwai da suka wuce 150, yau 190. Da aka lissafa da shekarunta, ma’aunin aikin ƙoda da ake kira eGFR ya sauko zuwa kusan 25. Tsakanin 15 da 29 mataki na huɗu ne cikin biyar. Amma likita mai lura zai ƙara alamar tambaya a gefe, domin wani ɓangare na faɗuwar na iya zama aikin diklofenak, kuma yana iya farfaɗowa idan an daina sha.

Wa zai hau sama?

Tambayar da ke jera matsalolin ita ce: idan aka bar wannan, yaushe zai yi ɓarna, kuma ɓarnar tana gyaruwa? Abin da zai iya kisa cikin sa’o’i shi ne a sama. Sai wanda zai iya cin ƙafa ko ido cikin kwanaki ko makonni. Sai mai ɓarna a hankali cikin shekaru.

Bisa wannan, lamba ta ɗaya a jerin Hajiya ita ce fotasiyam, abin da ita ba ta jin komai game da shi. Idan ya yi yawa yana rikita bugun zuciya, har ya tsayar da ita ba tare da gargaɗi ba. Abubuwa uku ne suka haɗu suka ɗaga shi: ƙodar da ta raunana, da lisinofiril da ke sa jiki riƙe fotasiyam, da diklofenak da ke rage jinin da ke isa ƙoda. Matakin shi ne a yi gwajin zuciya na ECG nan take, a dakatar da magungunan biyu, a maimaita gwajin jinin. Maimaitawar na da dalili, domin idan ƙwayoyin jini suka farfashe wajen ɗiba, ko kwalbar ta daɗe a ajiye, sakamakon kan fito sama da gaskiya. Sai dai ba a sallami Hajiya gida ana jiran tabbaci ba.

Na biyu shi ne faɗuwar suga da asuba. Mutane sun fi tsoron suga ya hau, amma saukarsa ƙasa da 3.9, wato 70 a wasu na’urorin awon gida, ya fi saurin illa ga tsoho. Ƙodar da ba ta tace gilibenkilamid da kyau tana barin maganin ya daɗe a jiki yana aiki. Don haka a cire shi. Metfomin ma ana dakatar da shi idan eGFR ya gaza 30. Jera waɗannan biyu kusa da juna yana da wani amfani: ɗaya daga cikin hanyoyin sauke fotasiyam cikin gaggawa ita ce insulin haɗe da ruwan suga, kuma wanda ya ga lamba ta biyu zai san dole a riƙa auna sugan Hajiya akai-akai idan an bi wannan hanya.

Gyambon ƙafa shi ne na uku. Rashin zafinsa ba alamar sauƙi ba ce, alama ce cewa suga ya kashe jijiyoyin ji. Za a duba zurfinsa, ko ya kai ƙashi, da ko jini na isa ƙafar. A nan ne tsohon katin nan ya yi rana, domin magungunan da aka saba bayarwa ga irin wannan gyambo da yawansu dangin fenisilin ne. Wannan gargaɗi ba ya shiga jerin lambobi, a saman shafi ake rubuta shi da manyan baƙaƙe.

Ciwon ƙoda ne na huɗu, da shirin tura ta sashen ƙoda kamar wanda ke Asibitin Malam Aminu Kano. Hawan jini na biyar. Iyalai kan yi mamakin wannan, domin 170/100 ita ce lambar da suka gane kuma ta fi tsorata su. Amma matuƙar babu ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko shanyewar ɓarin jiki, ana sauke shi ne a hankali cikin kwanaki da makonni, da wani maganin da bai taɓa fotasiyam ba, kamar amlodifin. Na shida duban ido, wanda ba a yi mata ba shekara uku.

Gwiwa ta zo ta bakwai, kuma nan ne jerin kan gaza idan ba a yi hattara ba. Ita ce ta kawo Hajiya, ita ce kuma ta kai ta ga diklofenak. Idan aka karɓe maganin aka bar ta da ciwon, cikin mako guda jikanta zai koma kemis, a sake dawowa lamba ta ɗaya. Saboda haka ko da tana ƙasan shafi, sai an ba ta abin yi a ranar: farasitamol bisa ƙa’ida, sanda, sallah a zaune, da bayani ƙarara ga ’yar da jikan cewa magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen sun haramta gare ta, har da waɗanda ake haɗawa a ƙulla a leda babu suna.

Sauran abubuwan da ke cikin fayil, tiyatar haihuwa ta shekarun baya da zazzaɓin cizon sauro na bara, suna komawa wani sashe na daban, na matsalolin da suka wuce. Ba a share su, amma ba sa tare hanya.

Jerin yana tsufa

Wannan shafi na yau ne. Idan fotasiyam ya dawo 4.8 bayan kwana uku, ya sauka, gyambo ya hau sama. Idan watan Ramadan ya gabato, batun azumi ya zama sabuwar matsala mai lambarta, domin mai ƙoda a mataki na huɗu wadda suganta ke faɗuwa tana cikin waɗanda likitoci ke ba shawarar kada su yi azumi, kuma magana ce da ake so a yi ta makonni kafin ganin wata. Shi ya sa kowane layi ke ɗauke da kwanan watan da aka rubuta shi. Ana gane jerin da ya mutu idan aka ga maganin da aka daina tun bara har yanzu yana ciki.

Iyali ma na iya riƙe nasu kwafin. ’Yar Hajiya tana iya neman likita ya karanta mata jerin, ta rubuta a takarda ɗaya da sunayen magungunan da aka bari da waɗanda aka cire, ta ɗauki hotonsa a waya ta tura wa duk wanda kan raka ta asibiti. Ranar da aka kai Hajiya sashen gaggawa da tsakar dare, a asibitin da ba shi da fayil ɗinta, wannan hoton za a fara miƙa wa likita kafin a zazzage leda.