Mabuɗin Watsawa da Tsaronsa a Yayin Watsa Shiri Kai-tsaye a Dandamali Daban-daban

1.0 Gabatarwa

Ya zama ruwan dare a yau a ga sashen jami'a yana watsa laccar kama aiki ko taron ƙara wa juna sani kai-tsaye a YouTube da Facebook a lokaci guda, domin masu sauraro sun rarrabu a dandamali daban-daban. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, wannan aiki ya rataya ne a kan wasu 'yan haruffa da lambobi da ake kira mabuɗin watsawa. Wannan muƙala za ta bayyana yadda mabuɗin yake aiki, da yadda yawaita dandamali yake yawaita ƙofofin da zai iya sulalewa ta cikinsu.

2.0 Mene Ne Mabuɗin Watsawa?

Galibin manhajojin watsawa, irin su OBS Studio, suna aika hoto da sauti ne ta ƙa'idar sadarwa mai suna RTMP, wadda kamfanin Macromedia ya ƙirƙiro tun zamanin Flash, kafin Adobe ya saye shi a 2005. An daina tallafa wa Flash a ƙarshen 2020, amma ita ƙa'idar tana nan daram. Abu biyu take buƙata: adireshin sabar dandali, wanda kowa ya sani, da mabuɗi, wanda na mai tasha ne shi kaɗai. Idan aka haɗa su, siffarsu a YouTube ita ce:

```
rtmp://a.rtmp.youtube.com/live2/xxxx-xxxx-xxxx-xxxx-xxxx
```

Kashi na ƙarshe shi ne mabuɗin. Kiransa “mabuɗi” ya fi dacewa da kiransa “kalmar sirri”, kuma bambancin ba na lafazi ba ne kawai. Kalmar sirri tana tafiya da sunan mai asusu, sau da yawa har da lambar tabbatarwa da ake aikowa ta waya. Shi kuwa mabuɗi, kamar na ƙofar ɗaki, ba ya tambayar wane ne ya riƙo shi. Duk wanda ya sa shi a manhajarsa, ko daga wace ƙasa, sabar za ta karɓi hotonsa a matsayin na mai tasha. Saboda haka tabbatarwa mai mataki biyu tana kare shiga asusu, amma ba ta hana wanda ya riga ya mallaki mabuɗin aiko da hoto.

3.0 Hanyoyi Biyu na Watsawa

A ɗauka wani sashe zai watsa taro na sa'a biyu a dandamali uku, da hoto mai ingancin 720p. Idan aka ware kilobit 3,000 a daƙiƙa don hoto, da 128 don sauti, jimilla 3,128 ke nan, wato kimanin gigabait 1.4 a sa'a guda.

Hanya ta farko ita ce kwamfutar zauren taro ta aika wa kowane dandali da kanta. OBS Studio wuri ɗaya yake aikawa bisa tsarinsa na asali, sai an ɗora masa ƙarin manhaja. A nan komai zai ninku sau uku: ana buƙatar ƙarfin aikawa na kusan megabit 9.4 a daƙiƙa, ban da rarar da ake bari domin hawa da saukar layi, kuma taron zai ci kimanin gigabait 8.4. Idan layin ya gaza, alamar tana bayyana a ƙasan allon OBS, inda adadin `Dropped Frames` yake ta hauhawa, masu kallo kuma su ga hoto yana tsinkewa.

Hanya ta biyu ita ce a aika sau ɗaya zuwa ga mai shiga tsakani, kamar Restream, ko sabar da jami'a ta kafa da kanta, shi kuma ya rarraba. Zauren taro zai aika megabit 3.1 ne kawai, taron kuma ya ci gigabait 2.8. Inda layi ba shi da ƙarfi, wannan ita ce mafita. Sai dai tana da nata farashi: mabuɗai sun zama huɗu, domin mai shiga tsakani ma yana bayar da nasa, kuma wannan na huɗun yana buɗe hanya zuwa sauran ukun gaba ɗaya. Wanda ya same shi ya samu dandamali uku a tashi guda.

4.0 Ta Ina Mabuɗi Yake Sulalewa?

Sau da yawa ba gwanin kutse ne yake sace mabuɗi ba, sakaci ne yake bayar da shi. Mai kula da na'ura yana iya danna `Show` a saitunan OBS domin ya duba mabuɗin, alhali allonsa yana kan majigi ko yana fita a shirin. Daƙiƙa ɗaya ta isa, tunda ana iya tsayar da bidiyo a karanta. Haka nan a kan tura shi a zauren WhatsApp na kwamitin taro, ya zauna a wayoyin mutum ashirin.

Akwai kuma ƙofar da ido ba ya gani. OBS yana ajiye mabuɗin da aka liƙa masa a fayil mai suna `service.json`, a rubuce ƙarara. Wanda ya kwafa wa abokin aiki saitunansa domin ya rage masa wahala, ya ba shi mabuɗin bai sani ba, kuma kwamfutar haya da aka mayar bayan taro tana tafiya da shi. Bugu da ƙari, RTMP ba ta ɓoye abin da take ɗauke da shi, don haka a kan layin da jama'a suke tarayya a kansa ana iya tsintar mabuɗin a hanya. RTMPS ce take rufe wannan ƙofa, kuma Facebook ya wajabta ta tun 2019. YouTube yana karɓar duka biyun, don haka sai mai tasha ya zaɓi mai tsaron da kansa.

Asarar ba ta tsaya ga kunyar yini ɗaya ba. Idan ɓata-gari ya watsa batsa ko kalaman ƙiyayya da sunan sashe, tashar ce dandali zai hukunta. A YouTube, hukunci uku na keta ƙa'ida cikin kwana 90 suna jawo rufe tasha, tare da laccoci da hirarrakin da aka tara a cikinta.

5.0 Ganewa da Magani

Alamomin suna da sauƙin ganewa ga mai lura: hoton gwaji a shafin sarrafa shiri ya nuna abin da ba kyamarar zaure ta ɗauka ba, ko dandali ya yi gargaɗin cewa hoto yana shigowa daga wuri fiye da ɗaya, ko masu bibiya su samu sanarwar shiri a lokacin da babu taro. Matakin farko shi ne a tsayar da shirin daga shafin dandalin, sannan a danna `Reset` a sabunta mabuɗin, wanda hakan yake kashe tsohon nan take. Kada a ɗauka sauya kalmar sirri kaɗai ta wadatar. Idan ana amfani da mai shiga tsakani, a sabunta duka huɗun.

Dangane da riga-kafi, abubuwa uku sun fi tasiri. Na ɗaya, kowane taro ya samu sabon mabuɗi, a bar zaɓin `Persistent stream key` na Facebook a kashe. Na biyu, a kashe `Enable Auto-start` a YouTube, domin kada hoto ya fita ga jama'a sai wani mai izini ya danna `Go live`. Na uku, inda manhaja ta ba da damar haɗa asusu kai-tsaye ba tare da kwafar mabuɗi ba, a bi wannan hanya, domin izini ne da ake iya janyewa bayan taro.

6.0 Kammalawa

An ga cewa mai shiga tsakani yana rage nauyin layi zuwa kashi ɗaya cikin uku, amma yana tattara amanar dandamali duka a mabuɗi guda. Don haka ya kamata sashe ya ayyana mutum ɗaya mai riƙe mabuɗai, kuma sabunta su ya zama aikin ƙarshe na kowane taro, kafin a naɗe wayoyi a rufe zaure.