Gaisuwa da Laƙabi a Saƙon Aiki ga Na Gaba

Saƙon da ma'aikaci zai aika wa wanda ya girme shi a shekaru da muƙami yana farawa ne da sallama, sai laƙabi, sai gaisuwa, kafin a shiga batun da ya sa aka rubuto. Idan wanda ake rubuta wa Musulmi ne, "Assalamu alaikum" ta wadatar. Idan ba a san addininsa ba, "Barka da safiya" ko "Barka da aiki" ta fi dacewa.

Ana zaɓen laƙabi bisa abin da mutum ya mallaka. "Malam" ko "Malama" ya dace da kusan kowa, "Alhaji" da "Hajiya" kuwa asalinsu na waɗanda suka sauke farali ne. Mai digirin digirgir ana ce masa "Dakta", mai sarautar gargajiya kuma ana kiransa da sarautarsa. Kiran babba da sunansa tsurarsa rashin ladabi ne. "Baba" ko "Yaya" kuma sun fi dacewa da hira, domin a takardar ofis suna nuna sabon da ya wuce kima.

Ga misali: akawu na neman hutu daga daraktarsa. Zai rubuta, "Assalamu alaikum, ranki ya daɗe. Da fatan Hajiya tana lafiya. Ina neman izinin tafiya hutu daga ranar Litinin." Gaisuwar ba ta wuce layi biyu ba, saboda doguwar gaisuwa kan binne buƙatar. Da namiji ne, sai ya ce "ranka ya daɗe" ko "Yallaɓai". Daga ƙarshe sai godiya, sannan cikakken suna da muƙami.