Wasiƙar neman ƙarin lokaci: me malami ke dubawa?

Rahoton nazarin kasuwa ba aiki ba ne da ake gamawa a kan katifa. Sai ɗalibi ya shiga kasuwa ya yi tambayoyi, ya jira ɗan kasuwa ya sallami mai ciniki kafin ya saurare shi. Shi ya sa kwana biyar na zazzaɓi ke iya wargaza jingar wata guda.

A ɗauki misalin ɗalibar da aka ba jingar binciken abin da ke sa mata zaɓen wata atamfa su bar wata a Kantin Kwari da ke Kano. Ta raba takardun tambayoyi 50, ta karɓo 32, sai taifot ya kwantar da ita, ga shi ranar Litinin ake miƙa aiki. Da Turanci akan rubuta wasiƙar, amma ga abin da ya kamata ta ƙunsa, bayan suna da lambar rajista da lambar kwas:

"Malam, barka da aiki. Tun ranar Laraba nake kwance da taifot, likita ya ce in huta kwana biyar. Takardar asibiti na haɗe. Na kammala gabatarwa, na tattara amsoshi 32 cikin 50. Saura karɓo 18 da nazarin sakamako. Ina roƙon a ɗaga mini zuwa Litinin ta sama. Na gode, Allah ya ƙara girma."

Abin da ya ba wasiƙar nan ƙarfi shi ne ranar da ta ambata. Malami ma yana da wa'adin da zai miƙa makin auna fahimta ga sashe, wanda a jami'o'in Najeriya kan kai maki 30 ko 40 cikin 100. In aka ce masa "sai na warke", ba shi da abin da zai auna da nasa wa'adin. In aka ce mako guda, kalanda kawai zai duba. Lissafin 32 cikin 50 kuma yana nuna masa ciwon ya tarar da aiki na tafiya. Wanda bai taɓa leƙa kasuwar ba ba zai iya kawo shi ba.

Takardar asibiti ce ke yawan kawo cikas. Rasit ɗin kemis ba shaida ba ne. Makarantu da yawa ma ba sa karɓar takardar asibitin waje sai asibitin makaranta ya buga mata hatimi. Dogon bayanin amai da ciwon ciki kuwa, a ganina, a bar wa likita.

Wasiƙar ta isa kafin Litinin, ko da ta hannun wakilin aji ne, a kuma ajiye kwafi. In malam bai amsa ba, kada a ɗauka ya yarda. Gara ta miƙa abin da ta rubuta da amsoshi 32 ɗin a ranar, ta bayyana dalilin giɓin a sashen hanyoyin bincike.